Hoto a Hannu, Alƙalami a Hannu: Ina Duba Ya Tsaya, Ina Muhasaba Ta Fara?

A ƙasashen Turawa akwai wata al'ada da ta bazu a 'yan shekarun nan, kuma wayar hannu ta fara kawo labarinta har ƙasarmu. Mutum zai zaro kati ɗaya mai hoto daga cikin katunan da ake kira tarot, ya ajiye a gabansa, ya buɗe littafin rubutu, ya rubuta abin da hoton ya tayar masa a rai. Masu yin haka suna cewa su ba duba suke yi ba, kansu suke bincike. Mutumin Wurno ko Rabah ko Goronyo da ya ji wannan, abin da zai fara zuwa bakinsa shi ne, ai wannan bokanci ne aka sauya wa riga. Zargin yana da tushe, domin mun san mai bugun ƙasa da ke shimfiɗa rairayi ya zana ɗigo-ɗigo ya ce ga abin da gobe za ta haifar, mun kuma san hadisin da ke cikin Sahihu Muslim a kan wanda ya je wurin ɗan duba ya tambaye shi, cewa ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. Don haka batun yana son a duba shi da idon basira.

Katunan ba don duba aka ƙirƙire su ba. Karta ta shiga Turai wajen shekarun 1370, kuma masana sun fi rinjayar da cewa daga Masar ta zamanin Mamluk ta fito. Akwai ragowar irin wannan karta a gidan tarihi na Topkapi da ke Istanbul, da alamominta huɗu: kofuna, tsabar kuɗi, takubba da sanduna. Wajen 1440, a fadojin arewacin Italiya irin su Milan da Ferrara, aka ƙara wasu katuna masu hotuna a kan waɗannan, aka sami wasan tarot. Daga baya adadin da ya fi shahara ya zama 78: manyan hotuna 22 da sauran 56. Wasa ne kawai, kamar yadda samarinmu ke buga wot a bakin titi. Sai a 1781 wani Bafaranshe, Court de Gébelin, ya yi da'awar cewa hotunan asirin tsohuwar Masar ne, ba tare da wata hujja ba, masu duba kuma suka rungumi maganar. Katunan da aka fi gani yau a waya, a Landan aka buga su a 1909, wata mai zane Pamela Colman Smith ce ta zana su, kuma abin da ya bambanta su shi ne ta sa cikakken hoto a kowane kati: mutane, hanya, gari, kaya. Wannan ne ya sa suka yi wa masu rubutu daɗin amfani.

To me ya sa hoto ke sa mutum magana? A 1935 Henry Murray da Christiana Morgan na jami'ar Harvard suka fito da wani gwaji: a nuna wa mutum hoton da bai fayyace komai ba, a ce ya ba da labarinsa. Hoton bai faɗi ko matar da ke tsaye bakin ƙofa fita za ta yi ko shigowa ba, don haka mai kallo ne zai cike gurbin, kuma da abin da ke cikinsa zai cike. Masana har yau suna jayayya a kan ko gwajin yana auna halin mutum daidai, amma ba a jayayya cewa hoto marar fassara yana kwance bakin wanda ya rasa ta inda zai fara. Wanda ya taɓa zama gaban farar takarda da niyyar yi wa kansa hisabi ya san wahalar layin farko. Aikin hoton ke nan, ya ba da layin farko. Ba shi da wani aiki bayan wannan.

Mu ɗauki misali. A ce manomin albasa ne a fadamar da ke shan ruwa daga madatsar Goronyo. Ya ci bashin man injin ban ruwa da taki, yana biyan kuɗin makarantar 'ya'yan ɗan'uwansa da ya rasu, kuma kwana biyu yana yi wa iyalinsa tsawa ba tare da ya san dalili ba. Hoton da ya faɗo hannunsa shi ne na wani mutum da ya rungumi sanduna goma, ya sunkuya, yana nufar wani gari da ke can gaba, sandunan sun tare masa fuska. Matakin farko, ya rubuta abin da idonsa ya gani kawai, layi huɗu ko biyar, ba fassara: mutum ɗaya, kaya a ƙirji, ba igiya, ba jaki, ba abokin tafiya, ba ya ganin gabansa. Wannan matakin ne mutane suka fi tsallakewa, alhali shi ne ke hana su garajen neman ma'ana. Daga nan ya tambayi kansa: a makon nan, yaushe na yi kama da wannan? Sai ya ba sandunan sunaye, ɗaya bayan ɗaya. Bashin dillali. Kuɗin makaranta. Gyaran injin. Rikicin iyakar gona da maƙwabci. Da ya kai ta shida zai iya tarar da abin da bai taɓa furtawa ba, cewa yana jin haushin ƙanensa da ke birni wanda bai taɓa tambayar yadda ake ciki ba, kuma shi ma bai taɓa faɗa masa ba, saboda girman kai na babban wa. Ya rufe da abu ɗaya da ke cikin ikonsa: ranar Juma'a zan kira shi in gaya masa adadin kuɗin. Ya sa kwanan wata, ya rufe littafi. Minti goma sha biyar sun isa. Kusan haka ne ma James Pennebaker ya ba ɗalibansa a bincikensa na 1986 a kan rubuta abin da ke damun mutum, minti goma sha biyar a rana, kwana huɗu a jere.

A lura da kyau, duk abin da manomin nan ya rubuta, dama ya san shi. Katin bai ba shi labarin farashin albasa a kasuwa bayan girbi ba, bai gaya masa abin da ke zuciyar ƙanensa ba. Da wani hoto ne ya faɗo, misali na attajirin da ke riƙe da ma'auni yana ba mabarata biyu sadaka, da ta wata ƙofa zai shiga, ya iso ɗakin nan dai na bashi da kunya. A ganina nan ne iyakar take, kuma a fili take: a dubi tambayar, a ga wa ke da amsarta. In amsar tana cikin abin da ka aikata, ka ji, ko ka ɓoye wa kanka, to hisabin kai ne. In amsar tana cikin gobe ko cikin zuciyar wani, to ka nemi gaibu, ko da alƙalami ne a hannunka.

Sai dai iyakar tana da santsi, kuma masu tallar wannan al'ada ba sa son faɗin haka. Alamar farko ta zamewa tana cikin jimlar da mutum ke rubutawa. Ranar da "na lura ina tsoro" ta koma "katin ya ce in yi hankali", an riga an tsallaka. Haka wanda ya zaro hoto mai muni ya mayar ya sake zarowa don neman mai kyau. In da bai ɗauka katin na da iko ba, me zai sa ya guje shi? Haka wanda ya fasa tafiya kasuwar Acida don hoton da ya gani da safe, wannan camfi ne tsagwaronsa. Kur'ani a Suratul Ma'ida ya hana neman rabo da kiban ƙuri'a, waɗanda Larabawan jahiliyya ke zarowa kafin tafiya ko aure, kuma kati da aka bar wa yanke shawara bai bambanta da su ba. Abin da ke ƙara jan mutum shi ne jin cewa hoton "ya dace da ni sosai". A 1948 Bertram Forer ya raba wa ɗalibansa takarda iri ɗaya, kowa yana zaton bayanin halinsa ne shi kaɗai, kuma kusan dukansu suka ce ya yi daidai. Da wannan raunin ne ɗan duba ke cin abinci, kuma mutum na iya yaudarar kansa da shi ba tare da ya biya kowa ko sisi ba.

Akwai kuma wata matsalar da ba ta shafi aƙida ba. Wanda ke cikin baƙin ciki mai tsanani, ko wanda ya ga tashin hankali da idonsa, kamar yadda mutane da yawa a gabashin Sakkwato suka gani a hannun 'yan bindiga, hoto na iya tono masa abin da ba zai iya rufewa shi kaɗai ba. In rubutun kullum wuri ɗaya yake zagayawa, barci na raguwa, zuciya na ƙara ƙunci, a ajiye littafin a nemi mutum: likita, malami, ko amintaccen ɗan'uwa.

Bincikar kai ba baƙon abu ba ne a nan. Harisu al-Muhasibi, wanda ya rasu a Bagadaza a 857, laƙabinsa ma daga wannan ɗabi'a ya samo shi, kuma Imamu Gazali ya keɓe wa muraƙaba da muhasaba littafi guda a cikin Ihya'u. Wurno kuwa ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, can ya rasu a 1837, kuma gidansu gidan alƙalami ne. Abin da ya yi ƙaranci a wurinmu shi ne mutum ya rubuta hisabin nasa, da boko ko da ajami, ya dawo bayan wata uku ya karanta ya ga ko ya cika alkawarin da ya ɗaukar wa kansa.

Hukuncina shi ne dabarar tana da amfani, amma katunan tarot ba su da wurin zama a gidajenmu. Fiye da shekara ɗari biyu suna hannun masu duba, ana sayar da su tare da ɗan littafin "ma'anoni" da ke jan mai karatu zuwa hasashe, cikinsu akwai hoton shaiɗan da na tsiraici, kuma yaron da ya gan su a hannun yayansa ba zai san niyyar da ke zuciyarsa ba. Tunda hoton ba ya ɗauke da wani sirri, kowane hoto zai yi aikin. Mai waya ya ɗauki hotuna ashirin ko talatin na abin da ke kewaye da shi: rumbu a buɗe, kwalekwale a bakin gulbin Rima, guga a bakin rijiya, tsohuwar ganuwa, ƙofar zaure a rufe. Wanda ke ƙyamar hoton mai rai ya tsaya ga irin waɗannan. Ya zaɓi ɗaya da idonsa a buɗe, ko ya bi su a jere, don kada ƙuri'a ta shigo cikin lamarin ko kaɗan. Abin da ya shafi jiya da yau, ka tambayi kanka a rubuce. Abin da ya shafi gobe, ka yi istihara ka nemi shawarar manya.