Godiyar da ba ta faɗi lissafi ba, ban karɓe ta ba

Duk wanda yake zaune a Sabon Tasha, ko yake cikin wata ƙungiyar 'yan gari ɗaya da ta haɗa mutanen Kagoro, Zonkwa ko Kafanchan a WhatsApp, ya san yadda abin yake tafiya. A turo hoton mara lafiya a kan gado, ƙarƙashinsa lambar asusun OPay, a ce ana neman dubu ɗari tara don aikin tiyata. Mutane su yi ta turawa, wannan dubu biyu, wancan dubu biyar, wata 'yar'uwa da take aikin jinya a Ingila ta aiko da dubu ɗari. Bayan mako ɗaya ko biyu sai saƙon godiya ya fito. Yanzu ma ya zama sana'a mai tsarinta: bidiyo na minti ɗaya, uwar mara lafiya ta durƙusa, hawaye na zuba, kiɗa mai taushi a baya, a rufe da "Allah ya saka da alheri, Allah ya mayar muku ninkin ba ninkin." Mutane su amsa da amin, a wuce.

Ba na shakkar hawayen uwar nan, kuma addu'arta tana da daraja a wurina. Abin da yake damuna shi ne abin da saƙon ya bari bai faɗa ba. Nawa aka samu? An rufe karɓa ko har yanzu asusun a buɗe yake? Idan kuɗin ya zarce abin da aka nema, ina rarar za ta? Ra'ayina shi ne saƙon godiya da bai amsa waɗannan tambayoyi ba bai cika ba, komai daɗin kalamansa.

Abin mamaki shi ne mu ba baƙi ba ne a wajen lissafi. A majami'unmu na ECWA da Baptist, sakatare yakan tashi lokacin sanarwa ya faɗi abin da aka samu na baiko makon jiya, har da naira hamsin ɗin da take bisa kai. Zumuntar Mata tana da ma'aji da littafi, kuma kowa ya san ranar da aka karanta rahoton kuɗi babu mai gyangyaɗi. Uwar adashi a kasuwar Sabo ba ta isa ta ce "an gode" kawai ba ranar kwasa. Amma da zarar kuɗin ya biyo ta waya, sai mu ajiye wannan tarbiyya, alhali a nan ne aka fi bukatarta, domin yawancin masu bayarwa ba su taɓa ganin fuskar mai karɓa ba.

Bari mu ɗauki misali, da alƙaluman da na ƙirƙira don bayani kawai. Ɗan acaba ne ya karye a cinya a hanyar Kachiya, likita ya ce sai an sa ƙarfe. Matasan majami'arsu suka nemi naira 900,000. Ranar da aka duba, an tarar 1,040,000 ne suka shigo. Ga irin saƙon da nake so in gani:

"'Yan'uwa, mun gode. Mun nemi 900,000, Allah ya sa kun ba da 1,040,000. Mun rufe karɓa daga yau, don Allah kada kowa ya ƙara turawa. Mun riga mun biya asibiti 620,000 na tiyata da ƙarfen, ga rasit. Muna ƙiyasin jini da gwaje-gwaje za su ci 85,000, magani 110,000, kuɗin mota da abincin mai jinya 60,000, cajin banki kamar 5,000. Wannan ƙiyasi ne, yana iya hawa ko sauka. Zai rage 160,000. Za mu riƙe 90,000 don wankin ciwo, hoton ƙashi da sanduna bayan sallama. Sauran 70,000 muna so mu ba matarsa don abincin gida, tunda zai yi watanni bai hau babur ba. Wanda bai yarda da haka ba ya yi mana magana kafin Lahadi. Za mu sake kawo rahoto ƙarshen wata."

Babu wata gwaninta a cikin wannan saƙo, amma kowace jimla tana da aikinta. Wadda ta fi muhimmanci ita ce ta rufe karɓa. Hoton neman taimako ba ya tsayawa inda aka fara shi. Yana ta yawo daga waya zuwa waya, wani ya ɗora a Facebook, bayan wata uku wani a Jos ya gani ya tura dubu uku, alhali mara lafiya ya daɗe da komawa gida. A nan ne mutumin kirki yake fara zamewa ba tare da ya yi niyya ba. Kuɗi yana shigowa cikin asusunsa, ya gauraye da albashinsa, ya ce zai mayar, har ya manta nawa ne. Don haka sanarwar rufewa ya kamata ta fita a kan hoton farko ɗin nan, a rubuta "an rufe" da kwanan wata a kansa, a tura ta duk inda aka tura na neman.

Sai bambancin da ke tsakanin abin da aka riga aka biya da abin da ake sa ran biya. Ranar da ake godiya, wani kaso na kuɗin bai fita ba tukuna, kuma a Nijeriyar yau farashin magani na makon jiya ba lalle ne ya zama na yau ba. Mai gaskiya zai ce "ƙiyasi ne". Wanda ya jera alƙaluma kamar an gama kashe su, daga baya ya zo neman ƙari, shi ya ja wa kansa zargi da hannunsa.

Kuɗin mota da abincin mai jinya kuwa, shi ne wanda mutane suka fi jin kunyar rubutawa. Suna ganin idan suka ce an sayi abinci da kuɗin taimako za a ce sun ci. Sai su cusa shi cikin "magani". Wannan ƙaramar ƙarya ce da take ɓata babbar gaskiya. Duk wanda ya taɓa jinya ya san cewa idan aka tura ka daga Sabon Tasha zuwa Barau Dikko, ko daga Kafanchan zuwa asibitin koyarwa na Shika, kuɗin hanya da na ci suna cikin jinyar. A rubuta shi da sunansa. Haka ma cajin banki, har da harajin naira 50 da ake cirewa a kan tura kuɗi daga dubu goma zuwa sama, wanda tun Disambar 2024 ya shafi su OPay da Moniepoint. Idan kuwa wani ɗan'uwa a waje ne ya buɗe GoFundMe, tunda ba a iya cire kuɗinsa kai tsaye zuwa asusun Nijeriya, to a faɗi dala nawa aka tara, nawa aka cire na caji, kuma a kan nawa aka canza.

Rarar nan ta 70,000 ita ce inda ake gane mutum. Wanda ya ba da dubu biyarsa ya bayar ne don ƙafar ɗan acaba. Juya ta zuwa abincin gida abu ne mai kyau, amma ba shi aka roƙa ba, saboda haka sai an nemi izini. Na tabbata kusan kowa zai ce a ba ta. Tambayar ce take nuna cewa mai tarawa ya san kuɗin ba nasa ba ne. Kuma akwai maganar da ba mu so mu furta, wato idan mara lafiya ya rasu kafin a taɓa kuɗin. Yana faruwa. A 2016 an tara miliyoyin naira ta intanet don wata matashiya mai ciwon daji a Legas, sai zargi ya tashi cewa damfara ce, har 'yan sanda suka shiga maganar, kuma ta rasu a Afirka ta Kudu cikin watan Agusta na shekarar, iyalinta suna fama da makoki da kare mutunci a lokaci ɗaya. Gara a faɗa tun farko cewa idan abin ya zo da ƙarar kwana, ragowar za ta tafi biyan bashin asibiti, ko jana'iza, ko wani mara lafiya.

Na san abin da wasu za su ce, domin na sha ji: "Ni don Allah na bayar, ba na bukatar rasit." Gaskiya ne, ladanka yana nan. Amma lissafin ba don kai kaɗai ake yinsa ba. Ana yinsa ne don mara lafiya na gaba, wanda za a turo hotonsa wata mai zuwa, mutane su ce wancan ma da muka ba ba mu ji komai ba. Masu wannan aiki da suka daɗe ana ba su amana, irin su marubuciya Fauziyya D. Sulaiman a Kano, wadda ta yi suna wajen nema wa marasa lafiya taimako ta Facebook, jarinsu ɗaya ne, shi ne yardar mutane. Yardar nan ta kowa ce, kuma kowane roƙo da ya ƙare ba bayani yana rage ta.

Akwai dai uzuri ɗaya da nake ɗauka da muhimmanci, shi ne na tsaro. Mu da muke ƙaramar hukumar Chikun ba mu manta da 5 ga Yulin 2021 ba, ranar da aka kwashe ɗalibai sama da ɗari daga makarantar Bethel Baptist kusa da Maraban Rido. Wanda yake kwana a Juji ko Unguwar Gimbiya yana da dalilin jin tsoron shelanta cewa miliyan ɗaya tana cikin asusunsa. Wannan tsoro ba hujjar yin shiru ba ne, sai dai yana canza yadda za a yi. A fara biyan asibiti kai tsaye, sannan a yi sanarwa, lokacin da babban kason ya riga ya bar hannu. Saƙon ya fito da sunan kwamiti, ba da sunan mutum ɗaya ba. Cikakken bayanin asusu a nuna wa mutum biyu da jama'a suka yarda da su, fasto ko limami da wata dattijuwa daga Zumunta, su tabbatar sun gani. Kada a watsa hoton bayanin banki yadda yake, domin yana ɗauke da sunayen masu bayarwa, kuma da yawansu ba su so a sani. A rufe adireshi da lambar waya a jikin rasit kafin a ɗauki hotonsa.

Uwar mara lafiya kuma a bar ta ta zauna a kujera. Ba sai ta durƙusa a gaban kyamara ba kafin mu gamsu cewa ta gode, kuma jikokinta za su ga bidiyon nan wata rana.

Roƙona ga sakatarorin matasa, shugabannin Zumunta da duk wanda aka taɓa ba lambar asusunsa don taimakon wani: idan akwai roƙon da kuka rufe da addu'a kawai, ko da ya yi wata shida, ku buɗe littafi yau ku aika wa mutane lissafinsu. Ku kuma masu bayarwa, idan saƙon godiya ya zo babu adadi, ku amsa da amin, sannan ku tambaya cikin ladabi nawa aka samu.