Abin da Ba a Auna Ba, Ba a Saya Ba: Nazari kan Sashen Ƙayyade Inganci a Takardar Kwangilar Teburan Makaranta

Duk wanda ya saba shiga makarantun firamare na gwamnati ya san ajin nan na ƙarshen layi da ake rufewa da kwaɗo. In ka leƙa ta taga, tarin ƙafafun ƙarfe ne da suka lanƙwashe da filankan da suka tsage, wasu ma fentinsu bai gama dushewa ba. Yawanci akan ɗora laifin a kan ƙiriniyar yara ko haɗamar ɗan kwangila. Amma in aka bi sawun abin, sau da yawa za a tarar ɓarnar ta soma ne tun a ofis, a shafi ɗaya ko biyu na takardar neman 'yan kwangila, wato sashen da ke bayyana ainihin irin teburin da ake so.

Wannan sashe salon rubutu ne mai zaman kansa, yana da tsarinsa da ƙa'idojinsa. A takardar da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha kan fitar, yakan zo ne bayan umarni ga masu neman aiki da jadawalin adadin kaya da wuraren kai su. Nauyin da ke kansa ya samo asali ne daga doka. Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta Tarayya ta 2007, wadda ta kafa hukumar BPP, kuma jihohi da dama suka yi tasu a kan tsarinta, ta tanadi a ba da aiki ga wanda ya fi sauƙin farashi cikin waɗanda suka cika sharuɗɗan da aka gindaya. Ma'anar wannan a fili take. Tunda farashi ne zai raba gardama, sharuɗɗan nan su kaɗai ne katangar da ke hana inganci faɗuwa ƙasa. Duk abin da ba a rubuta ba, mai son cin kwangila zai rage shi, kuma bai karya doka ba.

A nan ne raunin salon yake. Jimlar da aka fi cin karo da ita ita ce irin wadda ke cewa a kawo tebur mai zaman mutum biyu, na katako mai ƙarfi busasshe, da ƙarfe mai inganci, an yi masa aiki mai kyau. Kowace kalma a ciki gaskiya ce, amma babu wadda za a iya riƙe mutum da ita. Ranar karɓar kaya, in jami'i ya ce ƙarfen nan ba shi da inganci, ɗan kwangila zai ce a ganinsa yana da shi, kuma babu alƙalin da zai raba su. Sharaɗi na gaskiya yana tsayawa ne a kan duwatsu uku kamar murhu: adadi, da abin da za a auna shi da shi, da hukuncin da zai biyo baya in ya gaza. In ɗaya ya ɓace, tukunya ta kife.

Mu ɗauki misali. A ce wata hukuma na son tebur 500, kowanne haɗe da bencinsa, na zaman yara biyu, don 'yan aji huɗu zuwa shida na firamare.

Abu na farko shi ne tsayi. Ma'aunin Turai na kayan zaman makaranta, EN 1729, ya raba girma bisa tsayin yaro, ba bisa ajinsa ba. Lamba ta 3, ta yara masu tsayin santimita 119 zuwa 142, tana da wurin zama mai tsayin santimita 35 da tebur mai 59. Lamba ta 4, ta masu 133 zuwa 159, tana da 38 da 64. Marubuci mai lura ba zai kwafi lamba ɗaya ya wuce ba, domin a makarantunmu aji ɗaya kan haɗa ɗan shekara tara da ɗan sha huɗu. Abin da ya dace shi ne a auna yara a 'yan makarantu kaɗan daga cikin waɗanda za su karɓi kayan, sannan a raba odar, misali 200 na lamba 3 da 300 na lamba 4. Kuma dole a rubuta rangwamen kuskure, kamar santimita ɗaya sama ko ƙasa. In babu shi, ko dai a ƙi kowane tebur, ko a karɓi kowanne. Alamar an yi kuskure a nan ba ta ɓuya: za ka ga ƙafafun yara suna lilo, ko kafaɗunsu sun ɗage sama lokacin rubutu.

Na biyu shi ne ƙarfe, kuma nan ne kuɗi suka fi zurarewa. Takardu da yawa sukan ce bututu mai kusurwa huɗu, milimita 25 da 25, su tsaya nan. Amma wannan faɗin waje ne kawai. A kasuwa ana sayar da bututu mai wannan faɗi da kaurin bango daban-daban, kuma da zarar an toshe bakinsa an shafa fenti, ido ba ya bambance su. Lissafi ne ke tona asiri. Mita ɗaya na bututu mai kaurin milimita 1.5 yana da nauyin kusan kilo 1.1, shi kuwa mai 0.8 kusan kilo 0.6 ne. In zanen teburin yana cin mita takwas, gangar jikin ƙarfen za ta kai kusan kilo 9 a na farko, a na biyu kuwa da kyar ta kai 5. A tebur 500, bambancin ya kai tan biyu na ƙarfe. Wanda ya yi farashi da gaskiya ba zai taɓa cin wanda ya yi da siririn ba. Saboda haka sharaɗin ya kamata ya faɗi kaurin bango, ya ce za a auna shi da ma'aunin kauri a bakin bututun kafin a toshe, sannan ya ƙara da mafi ƙarancin nauyin gangar jikin kafin a ɗaura katako. Amfanin nauyi shi ne sikeli na ko'ina, ko shugaban makarantar ƙauye zai iya aro na mai sayar da hatsi. A wannan sakin layin ne kuma ake rubuta cewa walda ta zagaye mahaɗa gaba ɗaya, ba ɗigo biyu ba, kuma a shafa fentin hana tsatsa kafin na ado.

Na uku shi ne katako, wanda ya fi kowanne alaƙa da yanayinmu. Mafi yawan katakon da ake sayarwa a kasuwanni irin su 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano daga kudu yake zuwa, kuma yakan iso da ruwansa. Itace yana soma tsukewa ne idan danshinsa ya sauko ƙasa da kusan kashi 30 cikin ɗari, iskar hunturu kuwa kan janyo shi ƙasa da kashi 10. Filanki mai faɗin santimita 30 da aka buga shi ɗanye zai iya rasa kusan santimita ɗaya a faɗinsa. Tunda an ɗaure shi da ƙarfen da ba ya motsi, sai ya tsage daga ramin noti, ko ya gantsare, ko a sami rata tsakanin filankai inda bakin fensir ke huda takarda. Kalmar busasshe ba ta hana wannan. Abin da ke hana shi shi ne a rubuta cewa danshi kada ya wuce kashi 12 cikin ɗari, a auna da na'urar awon danshi mai allura, a tsakiyar filanki ba a gefensa ba, kuma kafin a shafa masa komai. Haka nan a ambaci nau'in itacen da aka yarda da shi da sunansa, kamar maɗaci ko iroko, domin obece, duk da sauƙin aikinsa, ba ya riƙe noti a ƙarƙashin nauyin yara. Akwai kuma wata 'yar kalma da rashinta ke cin kuɗi: bayan gogewa. Filankin da aka yanka a milimita 25 yakan koma 21 ko 22 in an goge fuskokinsa biyu. In takarda ba ta faɗi wane kaurin take nufi ba, an buɗe ƙofar gardama.

Duk waɗannan adadi ba su da haƙori sai an bayyana yadda za a karɓi kaya. Tsari mai kyau yana da matakai uku. Da farko ɗan kwangila ya kawo samfuri ɗaya, a gwada shi, a sa masa hannu, a ajiye shi a hukuma a matsayin shaida. Gwajin ba sai da ɗakin bincike ba: ana iya rubuta cewa a ɗora buhun siminti uku, kilo 150 ke nan, a kan benci na tsawon kwana guda, in an sauke kada a ga walda ta buɗe ko lanƙwasa ta zauna. Na biyu, a je wurin aiki kafin fenti, lokacin da ƙarfe da katako ke tsirara. Na uku, ranar kawo kaya a zaɓi na gwaji. Jadawalin ISO 2859-1 na duba kaya ya nuna cewa a tarin 500 ana cire 50, kuma a matakin da aka saba amfani da shi na 2.5, in uku suka gaza a karɓa, in huɗu ne a mayar da tarin duka. Muhimmin abu shi ne jami'i ne zai zaɓa, daga gaba da tsakiya da ƙuryar mota. In aka bar mai kaya ya miƙo da hannunsa, an san waɗanda zai miƙo.

Wannan salo yana da nasa tarkon ta ɗaya ɓangaren. Wani marubucin, don gudun sakaci, sai ya kwaso sharuɗɗan wata ƙasa sukutum, ya nemi takardar shaidar gwajin da babu inda ake yinsa a kusa. Sakamakon abu biyu ne: kafintoci da masu walda na gari, waɗanda za su iya aikin, sun fita daga takara, sauran kuma sun kawo takardun da babu mai iya tantance su. Haka ma ambaton sunan kamfani ɗaya ba tare da an ce ko makamancinsa ba, ɗinka riga ne daidai wuyan mutum guda. Ma'aunin da zan ba kowane marubuci shi ne ya karanta kowane layi ya tambayi kansa: wa zai auna wannan, da me, a ina? Layin da ba shi da amsa, ko dai a gyara shi ko a cire shi. Sharuɗɗa goma da tef da sikeli da ma'aunin kauri da na danshi za su iya tabbatarwa sun fi arba'in da ke zaune a takarda kawai.

Akwai sharaɗi ɗaya da na fi son gani, kuma shi ne aka fi mantawa. An saba riƙe wani kaso na kuɗin kwangila, galibi kashi 5 cikin ɗari, har wa'adin gyaran aibi ya cika. Amma in an kawo tebura a watan Mayu kuma wa'adin wata shida ne, zai ƙare a Nuwamba, daidai lokacin da iska ta fara juyawa. Ɗan kwangila ya karɓi cikon kuɗinsa, katako kuma ya soma tsagewa a Janairu. Gyaran bai wuce layi ɗaya ba: wa'adin ya zama wata goma sha biyu, ko a ce ba zai ƙare ba sai ƙarshen Maris na shekara mai zuwa. Mai kayan da ya san kuɗinsa na jiran hunturu, shi da kansa zai shanya katakonsa kafin ya buga ƙusa ta farko.