Cokali Ba Ya Sanin Yis: A Auna, A Raba Uku

Tunda wayar hannu ta zama makarantar girki, matan gida da samari masu sana'ar burodi da donot a Kano da Kaduna da Zariya suna ɗauko tsarin kwaɓi daga ko'ina. Yau na wata Bajamushiya, gobe na wani Ba'amurke, jibi na wata 'yar Masar. Ban ga laifin hakan ba. Inda nake da ja shi ne wata ɗabi'a da ta zo tare da wannan yayi, wato ɗaukar cewa yis yis ne, duk adadin da aka rubuta sai a ɗebo wanda ke cikin kicin a zuba daidai wannan adadin. Idan burodin ya lalace a ce fulawar bana ce ba ta da kyau, ko oban ɗin ne ba ya riƙe zafi. Sau da yawa fulawar ba ta yi komai ba.

Yis ɗin da ake yin burodi da shi iri uku yake zuwa kasuwa, kuma halitta ɗaya ce a cikinsu duka. Abin da ya raba su shi ne yawan ruwan da aka bari a jikinsu. Ɗanyen yis, wanda yake zuwa a dunƙule mai laushi yana marmashewa a hannu, kusan kashi 70 cikin ɗari na nauyinsa ruwa ne. Shi ne na gidajen burodin Turai tun da daɗewa, kuma a Jamus har yau ana sayar da shi a ɗan curi mai giram 42. Sai busasshe mai manyan ƙwayoyi da ake kira aktif, wanda kamfanin Fleischmann na Amurka ya fito da shi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu don ya jure ajiya ba firji. Shi sai an jiƙa shi a ruwan ɗumi kafin ya shiga kwaɓi. Na uku shi ne instan, mai ƙananan ƙwayoyi, wanda kamfanin Lesaffre na Faransa ya fito da shi a 1973. Shi ne wanda muka fi sani, wanda yake zuwa a fakitin giram 500 a matse tauri kamar bulo, ana zuba shi kai tsaye cikin fulawa.

To ga matsalar. Mu instan muke da shi, amma tsarin kwaɓi da yawa da ke zuwa daga Turai da ɗanyen yis aka rubuta su, tsofaffin na Amurka kuma da aktif. Ɗanyen yis ba ya ko kama hanyar kicin ɗinmu, don ko a firji mai wuta ba yankewa sati biyu zuwa uku yake yi, balle a inda wutar lantarki sai ta ga dama.

Lissafin kansa ba shi da wahala. Duk abin da aka rubuta na ɗanyen yis, a raba shi uku, kashi ɗaya shi ne instan. Idan aktif za a sa a madadin ɗanye, a ɗauki kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, wato ƙasa da rabi kaɗan ko rabin. Idan kuma an rubuta aktif kina da instan, ki rage kwata, ki sa kashi uku cikin huɗu. Dalilin da ya sa aktif yake buƙatar ƙari shi ne, yadda ake busar da shi yana kashe wani ɓangare na ƙwayoyin, matattun su lulluɓe masu ran, shi ya sa ma sai an jiƙa.

Bari mu bi kwaɓi guda daga farko. A ce an rubuta fulawa kilo 1, ruwa giram 600, gishiri giram 20, sukari giram 80, ɗanyen yis giram 30. Ke kuma instan ne a hannunki. Talatin a raba uku, giram 10. Wannan kusan cokalin shayi uku ne a shafe, don cokalin shayi ɗaya na instan wajen giram 3 yake ɗauka. Akwai kuma abin da kusan kowa yake mantawa: waccan giram 30 ta ɗanyen yis ta zo da ruwanta, wajen giram 20. Tunda kin cire shi kin sa busasshe, ki mayar da wannan giram 20 ɗin cikin ruwan kwaɓi, ya zama 620. A kilo ɗaya bambancin kaɗan ne, hannu ma zai iya gyarawa. Amma mai kwaɓa buhu na kilo 50, wanda aka rubuta masa ɗanyen yis kilo ɗaya da rabi, fakitin instan ɗaya na giram 500 zai sa, kuma lita guda ta ruwa ce ta ɓace idan bai mayar ba. Wannan kam za a ji shi a taurin kwaɓin.

Yanzu a ce ba a yi lissafin ba, an ga 30 an zuba instan giram 30. An sa kwatankwacin ɗanyen yis giram 90 kenan a kilo ɗaya. Da farko abin zai yi kama da nasara, kwaɓi ya ninka cikin ɗan lokaci, har a yi ta murna ana ɗaukar hoto. Amma ki buɗe murfin ki shinshina, za ki ji wani wari mai hawa kai irin na barasa. Ki danna yatsa, ramin ba zai dawo ba, wataƙila ma gefen ya lotsa. Iskar ta taru da sauri fiye da yadda danƙon fulawar zai iya riƙe ta. A oban sai ya ɗan tashi ya zube a tsakiya, cikinsa ya yi manyan ramuka yana marmashewa idan an yanka, bayansa kuma ya ƙi yin ja sosai saboda yis ya cinye sukarin da zai ba shi launi. Washegari ya bushe. Mai saye ba zai ce yis ya yi yawa ba, cewa zai yi burodin yana da wani ɗanɗano, kuma ba zai dawo ba.

Kishiyar haka ta fi sauƙi. Wanda ya sa yis kaɗan bai yi asara ba, jira kawai zai ƙara, kuma sau da yawa burodinsa ya fi daɗi. Shi ya sa idan za a kuskure, gara a kuskure ta ɓangaren ragi.

Wannan ya kawo ni kan cokali, wanda shi ne ainihin abokin rigimata. Ana cewa "cokali ɗaya na yis" ba a faɗi wane cokali ba, a shafe ko a tule, kuma wane yis. Cokalin cin abinci a shafe yana ɗaukar instan wajen giram 9, a tule kuwa zai iya kusan ninka hakan. Ita kuma fulawar ana aunata da gwangwani ko kofi, wanda nauyin abin da ke ciki ya danganta da ko an danna ko an tankaɗe. Ba a taɓa canza yis daga wani iri zuwa wani da irin wannan awo a dace. Ɗanyen yis ma ba a auna shi da cokali sam. Ƙaramin sikelin kicin mai batir yana warware wannan duka, kuma kuɗinsa bai kai asarar kwaɓi 'yan kaɗan ba, yadda fulawa da bota suka yi tsada. Mai sikeli kuma zai fara tunani yadda masu gidan burodi suke yi, wato yis kashi nawa ne cikin ɗari na nauyin fulawa. Instan kashi 1 cikin ɗari, giram 10 a kilo, shi ne matsakaicin burodin da za a kwaɓa a gasa rana ɗaya. Da ka riƙe wannan, ko wane tsari aka kawo maka za ka gane nan take idan adadin ya fita daga hankali.

Wasu ƙwararru suna cewa tsakanin aktif da instan ba sai an yi lissafi ba, a musanya su daidai wa daida. A ƙaramin kwaɓi suna da gaskiya. Ɗan fakitin Amurka giram 7 ne, idan an rage kwata ya koma 5 da ɗoriya, bambancin bai wuce na wasu mintuna a tashin kwaɓi ba. Na yarda da su a nan. Amma kar a ɗauki wannan sassauci a kai shi kan ɗanyen yis, inda bambancin ninki uku ne. Kuma ko an musanya daidai, aktif yana nan yana son jiƙonsa: ruwa mai ɗumi wajen digiri 40, wanda yatsa zai zauna a ciki ba ƙuna, minti biyar zuwa goma. Ruwan jiƙon daga cikin ruwan kwaɓi za a ɗiba, ba ƙari ba ne. Idan ruwan ya kai wajen digiri 60 an kashe shi. Idan kuma ruwan sanyi ne ƙarara, ƙwayoyin suna zubar da wani sinadari da ke sa kwaɓi ya saki ya yi ta manne wa hannu.

Duk da wannan lissafi da nake ta karewa, ba na so a mai da shi ayar da ba a taɓawa. Wanda ya rubuta giram 30 ɗin nan, kicin ɗinsa wajen digiri 21 yake. Kicin ɗin Kano a watan Afrilu yana haura 35, kuma yis yana ƙara sauri sosai da zafi. Don haka a bazara giram 10 ɗin ma ta yi yawa, ni 6 ko 7 zan ce a sa, a kwaɓa da ruwan randa ko na firji, amma a fara gauraya instan ɗin da fulawa kafin ruwan sanyin ya taɓa shi. Da asubar hunturu kuwa a bar goman yadda take, a rufe kwaɓin da kyau kada iska ta busar masa da fata. Kuma "a bar shi awa ɗaya" da aka rubuta ba da agogonmu ake ba, kwaɓin za a duba.

Sukari ma yana shiga lissafin, kuma burodinmu mai zaƙi ne. Idan sukari ya wuce kashi 10 cikin ɗari na fulawa, yana janye ruwa daga jikin yis ya rage masa kuzari. Saboda haka ne Saf-Instant yake da mai jan tambari na kwaɓi mara zaƙi sosai, da mai ruwan zinare na kwaɓi mai sukari da yawa. Mai yin donot ko burodin madara da jan, zai ga yana nawa, sai ya ɗan ƙara ko ya ƙara haƙuri.

Sai na ƙulli. Yis ɗin da aka fasa fakiti aka ƙulla a leda, ya kwana ya wuni a rumfar kasuwa, babu lissafin da ya san ƙarfinsa. Ina zargin daga nan ne ma ɗabi'ar tula yis ta samo asali: an saba da mai rauni, ranar da aka samu sabo sai a zuba masa irin wancan adadin. Kafin a yi amfani da na ƙulli a gwada shi, cokalin shayi ɗaya a rabin kofin ruwan ɗumi da ɗan sukari. Idan bai yi kumfa ba cikin minti goma, a zubar, ba ninkawa za a yi ba. Fakitin da aka fasa a gida kuma a juye shi a kwalba mai murfi a sa a wuri mafi sanyi da ake da shi.

Roƙona ga masu koyar da girki, a waya ne ko a aji, ku daina cewa "cokali ɗaya na yis". Ku faɗi irinsa, ku faɗi giram nawa a fulawa kilo nawa, ku faɗi ko da zafi kuka kwaɓa ko da sanyi. Ɗalibanku da kuɗin jarinsu suke gwada abin da kuka faɗa.