Ɗaki Ɗaya, Majinyata Biyu

A ce bazara ce, an kawo mutum biyu asibiti cikin dare. Ɗaya saurayi ne mai zazzaɓi da sanƙarewar wuya. Ɗayan dattijo ne da ya shafe wata guda yana tari, ya rame, gumi na jiƙa masa shimfiɗa. Ɗakin keɓewa kuwa ɗaya tal ya rage. A nan ake gane ƙwararriyar nas, domin ba za ta jira sakamakon gwaji kafin ta raba musu wuri ba.

Mai kallo zai ce a ba saurayin, tunda jikinsa ya fi tsanani. Ita kuwa dattijon za ta kai, kuma tana da hujja. Ƙwayar sanƙarau, kamar ta mashaƙo, cikin feshin yawu da majina take tafiya. Feshin yana da nauyi, yawanci bai wuce mita 1 zuwa 2 ya faɗi. Saboda haka sai ta ba saurayin gadon ƙarshe, ta nisanta shi da maƙwabcinsa, ta ja labule, duk mai matsowa ya sa takunkumi. Idan ya yi awa 24 a kan allurar da ta dace, haɗarin yaɗawa ya kau.

Tarin fuka ba haka yake ba. Ƙwayarsa na hawa ɗigo ƙanana ƙwarai waɗanda ke shawagi a iska na sa'o'i, kamar ƙurar hunturu, har wanda ke can ƙarshen ɗaki ya shaƙa. Labule ba ya tare ta. Shi ya sa nas ke rufe ƙofar da ke kallon sauran majinyata, ta buɗe tagogin da ke kallon waje. Dattijon ya sa takunkumin da aka saba, ita ta sa N95, ta matse shi a karan hanci, ta fitar da numfashi don ta ji ko iska na tsiyaya ta gefe. In tana tsiyaya, sawar ba ta yi ba. Haka take yi wa ƙyanda da ƙarambau.

Abin da ya fi burge ni shi ne hannunta. Tsakanin gado da gado takan murza ruwan tsabtace hannu na daƙiƙa 20 zuwa 30, har babban yatsa da kan farce, inda masu gaggawa ke tsallakewa. In hannun ya ɓaci, sai sabulu da ruwa, daƙiƙa 40 zuwa 60. Ko ta cire safar hannu sai ta wanke, domin safa na hujewa ba a sani ba.

Masu zuwa dubiya, in ta ce ku tsaya a bakin ƙofa, ku tsaya, kada ku ga ta wulaƙanta ku. Yara ƙanana kuma a bar su a gida.