A auna tukuna, kafin a ƙara saba

Wata ɗabi'a ta kama masu rubuta manhaja: da an ce shafi ya yi nauyi, sai ka ji wannan ya ce a sa Redis, wancan ya ce a ƙara saba, na uku kuma ya ce ai laifin Python ne, a koma Go. Ni ban yarda a taɓa layi ko ɗaya ba sai an auna.

A wani wurin da na yi aiki, `/orders` yana cin daƙiƙa 2 kafin ya amsa. Kowa ya ɗora laifin a kan rumbun bayanai. Da muka duba `top`, sai ga Python yana cin CPU kusan 100 bisa 100. Wanda ke jiran rumbun bayanai zaune yake, ba ya gumi haka. To, aiki yake yi, amma wane aiki?

Muka saka masa py-spy, wanda ke leƙa shirin yana cikin gudu, sau 100 a daƙiƙa, yana rubuta layin da ya tarar da shi a kai. Ba sai an kashe saba ba:

```
py-spy record -o cpu.svg --pid 4312 --duration 60
```

Abin da ya fito shi ne zanen harshen wuta, irin wanda Brendan Gregg ya ƙirƙiro a 2011. Faɗin akwati ake dubawa, domin shi ke nuna kason lokacin da aka ɓata a wurin. Tsayi zurfin kira ne kawai, kuma hagu zuwa dama ba jerin lokaci ba ne. Nan sababbin hannu ke ɓata.

Akwati ɗaya ya cinye kusan kashi 70, a kan layin `if o.customer_id in blocked`. Ashe `blocked` ɗin `list` ne mai lamba 5,000, oda kuma 20,000. Kowace oda sai an bi jerin ɗaya bayan ɗaya, kwatanci kusan miliyan 100 ke nan a buƙata guda. Muka mai da shi `set`, amsa ta dawo kusan daƙiƙa 0.6. Rumbun bayanan da aka yi ta zagi kuwa, daƙiƙa 0.2 kacal yake ci. Ko da mun kwana muna gyaransa har ya koma sifili, da har yanzu muna kan 1.8.

Awon ma yana da tarkonsa. Idan ba a ce wa py-spy `--idle` ba, yana zubar da lokacin jira, don haka shafin da jira ke kashe shi zai fito tamkar lafiyayye. Kuma da a kwamfutata na auna, inda oda 50 ce kawai, da layin nan bai ko nuna kansa ba.

Saboda haka, ɗan'uwa, in ka zo min da batun ƙarin saba, ka taho da `cpu.svg` ɗinka a hannu.