Don mutum bai iya karatu ba, ba lallai ne ya fi son yi wa na'ura magana ba

Ka sha jin wannan hujjar: manomi bai iya karatu ba, to a gina masa layin waya da zai kira ya faɗi buƙatarsa da baki. A ganina rabin gaskiya ce.

A wani bincike da aka wallafa a shekarar 2009, Neil Patel da abokan aikinsa sun gwada tsarin Avaaj Otalo a jihar Gujarat ta Indiya da mutum 45. Wasu sun riƙa zaɓar abin da suke so da murya, wasu da danna lamba. Masu danna lamba ne suka fi kammala aikin, kuma bambancin ya fi fitowa a wajen masu ƙarancin karatu, wato waɗanda aka ce don su ake yin muryar.

Wannan a gwaji ke nan. A waje kuwa, layin waya na wani ɓarin. Layin da aka saba da shi yana ɗaukar sauti ne daga wajen 300 zuwa 3,400 Hz kawai, alhali ƙarfin sautin "s" mafi yawansa sama da haka yake. A ce ka gina irin wannan tsari da Hausa, mai kira yana tsakiyar kasuwa ya ce "saba'in". Layi ya riga ya aske "s" ɗin, ga janareta na ruri a gefe. Abin da ya isa wajen na'ura bai da nisa da "arba'in". Kai da ni za mu ce "nawa ka ce?", ita kuwa sai ta rubuta 40 ta wuce. Maɓalli ba ya da wannan matsalar: lamba 1 sautuka biyu ne tsayayyu, 697 da 1,209 Hz, duk a cikin abin da layin ke ɗauka.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne barin mai kira ya katse na'ura da magana. A ofis yana da daɗi. A kasuwa, hon ɗin babur ma katsewa yake, sai bayanin ya tsaya a tsakiya, mutum ya yi shiru yana jira, na'ura ta ce ba ta gane ba. Za ka gane haka idan ka saurari kiran da aka naɗa: bayani na yankewa a daƙiƙun farko alhali ba wanda ya yi magana. Gyaransa, katsewa ta zama da maɓalli kaɗai.

Ban ce a yar da murya ba. A Pakistan, gwajin HealthLine da ma'aikatan lafiya na karkara ya nuna murya ta fi maɓalli. Sai dai an horar da su kafin gwajin, kuma kalmomin da za su faɗa 'yan kaɗan ne. Idan za ka yi amfani da murya, ka ba da zaɓi biyu ko uku masu nisan sauti da juna, kuma duk adadin da aka faɗa, na'ura ta maimaita shi, mai kira ya danna 1 idan daidai ne.