Jinjina ga Masu Tatsar Turaren Wardi

Turaren wardin da alhazan Mahuta kan yo tsaraba, wahalar manoman Ɗa'ifa ce, Allah ya saka musu da alheri. Da asuba suke tsinko furen, domin idan rana ta ɗaga ƙamshinsa kan ragu, su dafa shi cikin tukunyar tagulla, tururin ya bi bututu ya huce, har man ya taso bisa ruwa su kwalfe. Idan wuta ta yi yawa sai ya yi ƙauri, saboda haka gwaninsu ba ya gaggawa.  Turaren wardin da aka yi wa algus da man gyaɗa, maiƙonsa ba ya barin takarda.